Fuskar da ke cikin labari: yadda ake kwatanta wa na'ura mutumin da bai taɓa rayuwa ba

Tun daga shekarar 2022, lokacin da manhajojin zana hoto irin su Midjourney da DALL-E 2 da Stable Diffusion suka shigo hannun jama'a, marubucin labari ya samu wata dama da ba shi da ita a da. Zai iya zama da wayarsa ko kwamfutarsa, ya rubuta 'yan layuka, cikin daƙiƙu kaɗan fuskar jarumar littafinsa ta bayyana a gabansa. Masu rubuta littattafan Hausa, na takarda da waɗanda ake yaɗawa ta waya, sun fara amfani da wannan hanya wajen haɗa bangon littafi. Sai dai duk wanda ya lura da irin hotunan zai ga matsala ɗaya tana maimaita kanta. Kakar da labari ya ce ta haura sittin takan fito da kumatun budurwa, murmushinta ya tsaya a leɓe bai kai ido ba, fatarta tana sheƙi kamar an shafe ta da man gyaɗa, tufafinta kuma na wata ƙasa ne dabam. Mai kallo zai ji wani abu bai kwanta masa ba, ko da bai iya faɗin mene ne ba.

Maganin mafi yawan wannan yana cikin rubutun da ake ba na'urar, wanda za mu kira umarni. Ƙa'idarsa guda ce: ka rubuta abin da ido ke iya gani, domin abin da ka sani a zuciyarka game da jarumarka ba ya isa ga na'ura sai ka mayar da shi siffa.

Dalilin haka yana cikin yadda aka horar da waɗannan manhajoji. An ciyar da su da ɗimbin hotuna da aka kwaso daga intanet, kowane hoto tare da ɗan rubutun da aka tarar a jikinsa. Stable Diffusion, alal misali, ta koyi aikinta ne daga wani ɓangare na rumbun LAION-5B, wanda ke ɗauke da hotuna sama da biliyan 5. A cikin wannan tarin, hotunan tallace-tallace da na masu nuna kayan ƙawa da waɗanda aka goge da manhajar gyaran hoto suna da yawa ƙwarai. Duk gurbin da ka bari a umarninka, na'urar za ta cike shi da abin da ta fi yawan gani, wato matashiya mai sumul ɗin fata, mai kallon kyamara, mai yalwar murmushi. Mafi yawan rubutun da ke jikin hotunan kuma da Turanci yake, shi ya sa har yanzu umarnin Turanci ya fi bayar da sakamako mai kyau fiye da na Hausa. Marubuci zai yi tunaninsa da Hausa, ya tsara siffofin da yake so, sannan ya zuba su cikin gajerun kalmomin Turanci.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daga farko har ƙarshe. A ce kana rubuta labari a kan Inna Delu, ungozoma a tsohon birnin Kano, mai shekara 63. Mace ce mai haƙuri, ba ta cika magana ba, kuma a babin da kake so ka sa a bango, ta fito daga ɗakin haihuwa bayan dare guda ba barci, uwa da jariri sun tsira. Umarnin da ya fi saurin zuwa wa mutum shi ne irin wannan:

```
beautiful old Hausa midwife, kind and patient,
smiling, ultra realistic, 8k, perfect face
```

Kusan kowace kalma a nan tana janyo matsala. Kalmar `beautiful` da `perfect face` suna jan hoton zuwa ga fuskokin talla, su kuma fuskokin talla na matasa ne, don haka suna kokawa da kalmar `old`. Abin da ke fitowa daga wannan kokawar shi ne furfura a kan fuskar 'yar shekara talatin. Haƙuri da kirki halaye ne, ba su da siffar da za a zana. Kalmar `midwife` kan jawo farar rigar asibiti da abin sauraron bugun zuciya a wuya, alhali Inna Delu a gida take karɓar haihuwa. Su kuma `8k` da `ultra realistic` sukan ƙara wa hoton kaifi da sheƙin da ya wuce na fatar ɗan Adam.

Mu fara gyara daga shekaru. Rubuta lamba yana taimakawa, kuma `63-year-old` ya fi `old` ma'ana, amma lambar kaɗai ba ta isa ba. Sau da yawa na'urar takan rage wa mata shekaru, idan kuma aka matsa mata da kalmar `elderly` sai ta zarce ta kawo tukuf-tukuf mai shekara casa'in. Abin da ke tsayar da ita a tsakiya shi ne ambaton alamun da shekaru ke bari a jiki. A shekara sittin da 'yan kai, layukan da suka taso daga gefen hanci zuwa gefen baki sukan zurfafa, fatar ido ta sama takan ɗan sauko, ƙarƙashin ido ya ɗan faɗa, layin muƙamuƙi ya yi laushi, fatar wuya ta saki, furfura ta leƙo daga gefen ɗankwali. Ba sai an jera su duka ba. Uku ko huɗu sun wadatar, amma a tabbata an haɗa da wuya, domin nan ne aka fi kama hoton da ya yi ƙarya: fuska ta tsufa, wuya kuwa na yarinya. A kuma kula da cewa baƙar fata ba ta tattarewa da wuri kamar farar fata. Idan ka cika umarni da kalmar `wrinkles`, za a kawo maka irin tamojin tsohuwar Baturiya a shafa mata baƙin launi. Tsufan mace irin Inna Delu ya fi bayyana a faɗawar kumatu da duhun ƙarƙashin ido da rashin daidaiton launin fata tsakanin goshi da kumatu.

Sai yanayin fuska, wanda a nan ne marubuta suka fi yin asara, alhali su ne suka fi kowa sanin abin da jarumarsu ke ji. Kalmomi irin `happy` da `sad` da `angry` sukan fito da yanayin a ƙure, kamar na ɗan wasan da ke so na bayan fage ya gani. Tun a 1862 wani likitan Faransa, Guillaume Duchenne, ya wallafa bincikensa a kan tsokokin fuska, inda ya nuna cewa murmushin gaskiya yana haɗa tsokoki biyu: wadda ke ɗaga gefen baki da wadda ta kewaye ido. Idan ta farkon kaɗai ta yi aiki, mai kallo yakan gane murmushin na yaƙe ne. Wannan kuskuren ne na'ura ke yawan yi. Saboda haka a raba yanayin gida uku, a faɗi abin da baki ke yi, da abin da ido da gira ke yi, da kuma inda take kallo. Ga Inna Delu, baki a rufe yake, gefensa ɗaya ya ɗan ɗaga. Idanu sun yi nauyi saboda rashin barci, sun ɗan ƙanƙance. Kallonta ya kauce wa kyamara kaɗan, yana kan wani abu a ƙasa ta gefen hagu. Rufe baki yana da wata fa'ida ta dabam. Haƙora na cikin abubuwan da na'ura ta fi ɓatawa: ko su yi yawa, ko su zama tsawo ɗaya, ko su narke su koma farin layi guda. Idan labari bai buƙaci dariya ba, a bar bakin a rufe. Idan kuma wushirya na cikin kamannin jarumar, a faɗe ta a fili, a kuma shirya duba hoton da kyau.

Kada a haɗa yanayi biyu masu karo da juna da sunayensu. Wanda ya rubuta farin ciki da baƙin ciki a layi ɗaya yakan samu rabin fuska na dariya, rabi na kuka. Gaurayen gajiya da kwanciyar hankali da muke nema yana samuwa ne ta hanyar ba kowane sashe aikinsa, gajiyar a ido, kwanciyar hankalin a baki.

Tufafi su ne inda ƙarancin hotunanmu a rumbun horarwa ya fi fitowa fili. Rubuta `traditional Hausa dress` kan kawo ɗaurin gwaggwaro irin na bikin Yarabawa, ko baƙar abaya ta ƙasashen Larabawa, ko wani gauraye na duwatsun wuya daga gabashin Afirka. Sunayen da muka sani, atamfa da kallabi da mayafi, yawanci ba su da isassun hotuna a bayansu da za su sa na'urar ta gane su. Dabarar ita ce a kwatanta kowane tufa ta fuska huɗu: irin yadin, launinsa, yadda aka sa shi, da halin da yake ciki. Atamfa sai a ce yadin auduga mai zanen kakin zuma, wato `wax print cotton`, wanda na'urar ta sani sarai. Ɗankwali sai a ce ƙaramin ƙyalle ne da aka ɗaura ya kwanta a kai, aka ƙulle ta baya, don kada ya tashi sama ya zama gwaggwaro. Mayafi kuma yadi ne mara nauyi, mara zane, da aka yafa a kafaɗa. Halin tufa yana ba da labari kamar yadda fuska ke bayarwa. Matar da ta kwana tana aiki ba za ta fito da sabuwar atamfa mai ƙyalli ba. Tata ta sha wanki, launinta ya ɗan koɗe, ta yamutse a kafaɗa. Haka ake yi wa namiji. Maimakon sunan hular, a ce hula ce mai tsayi madaidaici, mai lebur ɗin sama, wadda aka yi wa aikin zare da hannu, babbar riga kuma a ambaci faɗinta da aikin da ke ƙirjinta.

Akwai iyaka biyu da ya kamata a sani a nan. Ta farko, launuka sukan tsallaka daga wani abu zuwa wani. Idan ka ce shuɗiyar riga, jan ɗankwali, koren mayafi da ɗankunnen zinariya, kana iya samun jan mayafi ko ma koren ido. Launi biyu sun isa, kuma kowanne a manna shi da abin da yake siffantawa. Ta biyu, tsofaffin samfuran Stable Diffusion suna karanta umarni ne a gutsure 77 a lokaci guda, abin da bai cika wuce kalmomi hamsin zuwa sittin ba, kuma abin da ya zo a farko yakan fi tasiri. Saboda haka a fara da mutum da shekarunsa, a bi da yanayin fuska, sannan tufafi, sannan haske da wuri. Ga yadda umarnin Inna Delu zai kasance bayan gyara:

```
head and shoulders portrait, 63-year-old West African woman,
dark brown skin, deep smile lines, loose skin on neck,
grey hair at temples, lips closed, faint smile, tired heavy eyes
looking down left, faded blue wax print blouse,
headscarf tied flat, soft morning light from doorway,
mud wall, 85mm photo
```

Babu kalmar kyau a ciki, babu haƙuri, babu ungozoma. An ce hoton daga kai zuwa kafaɗa ne, an ba da shekaru da alamunsu, an faɗi abin da baki da ido ke yi, an kwatanta riga da ɗankwali, an kuma ce hasken safiya ne mai laushi da ke shigowa ta ƙofa ya sauka a kanta, bangon ƙasa yana bayanta. Lambar `85mm` sunan wani gilashin kyamara ne da masu ɗaukar hoton fuska suka fi so, domin ba ya kumbura hanci kamar yadda kyamarar gaban waya ke yi idan an matso da ita kusa.

Yanzu sai babbar tambaya: me ke sa wata fuskar ta tayar wa mutum da tsigar jiki? A 1970 wani masanin mutum-mutumi ɗan Japan, Masahiro Mori, ya rubuta maƙala a kan haka. Ya lura cewa yayin da abin da aka ƙera ke ƙara kama da mutum, mutane suna ƙara sakin jiki da shi, har zuwa wani mataki da ya kusa zama mutum amma bai kai ba. A nan sai sakin jikin ya rikiɗe ya koma ƙyama da tsoro. Ya kwatanta wannan faɗuwar da kwari a tsakanin tuddai biyu. Fim ɗin The Polar Express na 2004 ya zama misalin da ake yawan kawowa, saboda masu kallo da yawa sun koka da idanun yaran da ke cikinsa, waɗanda suka ce babu rai a ciki. A hoton da na'ura ta zana, abin da ke jefa fuska cikin wannan kwarin kusan kullum saɓani ne tsakanin sassanta. Haske da inuwa suna cewa hoton gaske ne, fata kuma tana cewa roba ce. Baki na murmushi, ido na kallon babu.

Ana iya gano saɓanin ta hanyar duba wurare kaɗan bayan an faɗaɗa hoton. A fara da ido. Ƙwayoyin biyu su zama zagaye, girmansu ɗaya, suna kallon wuri ɗaya, kuma ɗigon hasken da ke cikin kowanne ya kasance a gefe guda, gefen da hasken ke fitowa. Idan ɗigon na hagu yana sama, na dama yana ƙasa, ƙwaƙwalwar mai kallo za ta ji akwai matsala tun kafin ya san dalili. Wannan ne ya sa ake ambaton tushen haske guda ɗaya tak a umarni. Farin idon dattijuwar da ba ta yi barci ba kuma bai kamata ya zama fari fat ba. Daga nan a duba fata, a ga ko akwai ƙananan ramukan gumi da ɗan bambancin launi, ko kuwa sumul take ko'ina. Ƙara `natural skin texture` da `slight asymmetry` yana taimakawa, tun da babu mutumin da ɓangarorin fuskarsa biyu suka zama daidai wa daida. Sai kunnuwa da 'yan kunne, waɗanda sau da yawa ba sa zuwa iri ɗaya, da kuma bakin ɗankwali, inda yadi kan narke ya shige cikin goshi. Tsagar gado, irin su bille ko kalangu, tana da wuyar samu daidai, domin na'urar takan mayar da ita tabon rauni ko fenti. Ya fi sauƙi a bar ta daga umarni, mai zane ya ƙara ta da hannu daga baya.

Akwai kuma dalilin da ba na kalmomi ba, na lissafi ne. Stable Diffusion ta farko tana aiki da hoto mai ɗigo 512 a tsaye da 512 a kwance, amma a cikinta tana matse shi sau 8 ta kowane gefe, ya koma gida 64 sau 64. Idan ka nemi hoton mutum a tsaye daga kai zuwa ƙafa, kansa ba zai wuce ɗigo 64 ba, wato gida 8 ke nan, ido ɗaya kuwa da ƙyar ya samu gida guda. Babu kalmar da za ta iya zana ƙwayar ido mai kyau a cikin gida ɗaya. Idan hoton daga kai zuwa kafaɗa ne, kan zai samu gida talatin ko fiye, ido ya samu huɗu ko biyar. Shi ya sa umarninmu ya fara da faɗin inda hoton zai tsaya. Samfurin SDXL da ya fito a 2023 ya ɗaga girman zuwa 1024, abin ya yi sauƙi, amma ƙa'idar tana nan: fuskar da ta yi ƙanƙanta a hoto ita ce ta fi lalacewa.

Wanda ke aiki da manhajar da ke da maɓallan saiti yana da ƙarin makamai. Na farko shi ne akwatin `negative prompt`, inda ake rubuta abin da ba a so. Wannan yana da muhimmanci domin samfura da yawa ba sa fahimtar korewa. Idan ka rubuta `no makeup` a cikin babban umarni, kalmar kwalliyar da ka ambata tana iya jawo kwalliyar. A Midjourney ana yin wannan da `--no`. Ga Inna Delu, ɗan gajeren jeri ya isa:

```
makeup, airbrushed skin, teeth, jewelry, 3d render
```

Na biyu shi ne `CFG scale`, ma'aunin yadda na'urar za ta manne wa umarni. A tsofaffin samfuran, tsakanin 5 da 7 yakan ba da fata mai kama da ta mutum. Idan aka haura 12, launuka sukan ƙone, fuska ta yi tauri. Na uku shi ne `seed`, lambar da hoton ke tsirowa daga gare ta. Idan ka samu fuskar da ta kusa, ka riƙe lambar, ka riƙa canza abu ɗaya a kowane gwaji. Ta haka ne za ka san ko cire kalmar furfura ce ta mayar da ita yarinya, ko kuwa canza haske ne. Idan komai ya yi sai ido ɗaya, ba sai an sake hoton duka ba. Ana shafa wurin kaɗai da `inpainting`, a sa `denoising strength` wajen 0.3 zuwa 0.45, yadda za a gyara idon ba tare da an sauya mutumin ba. A yi hattara da kayan gyaran fuska na kai-tsaye irin su GFPGAN da CodeFormer. Suna daidaita ido da baki, amma sukan goge alamun tsufar da aka sha wahala kafin a samu.

Shi kansa Mori ya ba masu ƙira shawarar kada su dage sai sun tsallake kwarin, su tsaya a tudun farko, inda abu ke da kamar mutum ba tare da yana riya cewa shi mutum ne ba. Wannan shawara ta dace da bangon littafi ƙwarai. Idan aka cire `85mm photo` aka sa `gouache painting` ko `charcoal drawing`, wato zanen fenti ko na gawayi, mai kallo ba ya neman ramukan gumi a fata, ɗan karkacewar ido kuma yakan wuce a matsayin hannun mai zane. Hoton fenti yana kuma bar wa mai karatu sararin ƙarasa fuskar da tunaninsa, abin da hoto mai kama da na kyamara ke hana shi.

Wata gajeriyar hanya da ya kamata a guje mata ita ce sa sunan wata fitacciyar jarumar fim a umarni, ko ɗora hoton wata da aka sani, don a samu fuska mai kyau da sauri. Fuskar da za ta fito ta mai rai ce, wadda ba ta ba da izini a manna ta a kan labarin da ba ta san da shi ba, kuma a al'umma irin tamu hoto guda na iya ɓata wa mace suna. Siffofin da marubuci ya zaɓa da kansa sun ishe shi. Kafin ya buɗe manhaja, ya koma cikin littafinsa ya amsa tambayoyi huɗu a takarda: a ina shekarun wannan mutum suka bayyana a jikinsa, me bakinsa da idonsa ke yi a wannan lokaci na labarin, wane yadi ne a jikinsa kuma sau nawa ya sha wanki, daga ina haske ke zuwa. Amsoshin nan su ne umarnin, kuma su ne zai riƙa gwada kowane hoto da su kafin ya yarda ya sa shi a bango.